Daga "an yanke shawara" zuwa "na yanke shawara": yadda ake mayar da sanarwar darakta jawabi

Tambaya: Daraktan kamfaninmu ya miƙo mini wata sanarwa da ya rubuta, ya ce in mayar masa da ita jawabin da zai yi wa ma'aikata ranar Litinin. Ga ta: "Ana sanar da ɗaukacin ma'aikata cewa, bayan nazari mai zurfi da aka gudanar, an yanke shawarar haɗe sashen kula da abokan ciniki da sashen tallace-tallace domin inganta ayyuka. Za a aiwatar da sauye-sauyen da suka dace nan ba da jimawa ba. Za a tuntuɓi waɗanda abin ya shafa a lokacin da ya dace. An lura da damuwar da aka nuna, kuma ana sa ran haɗin kan kowa." Na mayar da duk "an" ɗin "mun", amma har yanzu ji nake kamar takardar sammaci. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki ajiye biro tukuna, domin wannan aikin ba a kan teburinki zai fara ba, a ofishin daraktan zai fara. Na shafe shekaru ina rubuta wa shugabannin kamfanoni jawabi, kuma abin da ya fi ɓata mini lokaci a farko shi ne zaton cewa ciwon irin wannan takarda a nahawunta yake. Ciwon a abin da ta ƙi faɗa yake. Sauya lamiri bai warkar da shi ba ne saboda "mun yanke shawara nan ba da jimawa ba za mu tuntuɓi waɗanda abin ya shafa" bai ƙara wa mai sauraro sanin komai ba. An dai sake wa maganar riga, jikin yana nan yadda yake.

Ki ɗauki jan biro ki ja layi a ƙarƙashin duk inda aka yi amfani da lamirin nan da ba ya nuna kowa: "an", "ana", "aka", "za a". A jimloli huɗu kacal za ki ƙirga guda takwas. Kowanne daga cikinsu gurbi ne da ya kamata sunan mutum ya zauna a ciki, aka cire shi. Wa ya gudanar da nazarin? Wa ya yanke shawarar? Wa zai tuntuɓi mutane? Wa ya nuna damuwa, kuma wa ya lura da ita? Sai ki sake bi da wani biron ki zagaye kalmomin da suka yi kama da lokaci ko adadi alhali ba su ba ne: "nan ba da jimawa ba", "a lokacin da ya dace", "waɗanda abin ya shafa", "sauye-sauyen da suka dace". Waɗannan ma guraba ne, na rana da na lamba. In kin gama, abin da ke hannunki jerin tambayoyi ne kusan goma sha biyu, kuma ba ɗaya a cikinsu da kike da hurumin amsawa.

Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Takarda tana iya ɓoye mai aikatawa ta wuce lafiya, domin ba wanda ke kallon idonta. Mutum kuwa da ya tsaya a gaban jama'a ya ce "an yanke shawara", kowa a ɗakin ya san shi ne ya yanke, kuma kowa ya ga yana zillewa. Don haka da zarar magana ta koma ta baka, dole a cike guraban. Idan darakta bai cike su ba, ke za ki cike su da abin da kika ƙirƙira, ko kuma ma'aikata su cike su da abin da suka fi tsoro.

Ki nemi minti goma sha biyar a wurinsa. Kada ki aika masa tambayoyin a rubuce, domin da rubutu zai amsa miki, da irin harshen da kike ƙoƙarin kuɓutar da shi daga gare shi. Ki zauna ki tambaye shi baki da baki, ki rubuta amsarsa da kalmominsa, ko ki nemi izininsa ki naɗi muryarsa a waya. Tambayar da ta fi yi mini aiki ita ce: "Ranka ya daɗe, da a ce mutum ɗaya daga sashen nan ya tare ka a bakin ƙofa ya ce me ke faruwa, me za ka ce masa?" Za ki yi mamakin yadda mutumin da ya rubuta "domin inganta ayyuka" zai gyara zama ya ce, "Ai na gaji da ganin mutum ya kira da ƙorafi ana ta jefa shi daga wannan tebur zuwa wancan." Jimlar jawabinki ke nan ta faɗo daga bakinsa. Rabin aikin mai rubuta jawabi tsintar irin waɗannan ne, domin su ne za su zauna a bakin mai su ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Amsoshin da za ki samu ba iri ɗaya ba ne, kuma rarrabe su ya fi komai wuya. Akwai abin da ya sani kuma yana da ikon faɗa. Wannan ki sa shi ƙarara, da ranarsa da lambarsa. Akwai abin da bai riga ya yanke ba. Akwai kuma abin da ya sani amma ba zai iya faɗa yanzu ba, wataƙila don ba a gaya wa mai shi ba tukuna, ko don hukumar gudanarwa ba ta sa hannu ba. Sanarwar da ke hannunki ta lulluɓe ukun nan da bargo ɗaya, shi ya sa ba wanda zai yarda da ko ɗayansu. A jawabi kowanne yana da hanyar faɗarsa. Abin da bai yanke ba, sai ya ce "ban yanke ba tukuna, zan yanke kafin rana kaza." Abin da ba zai iya faɗa ba, sai ya ce "wannan ba zan iya magana a kansa yau ba, ga dalili, ga ranar da zan iya." Ma'aikata suna jure rashin sani in an gaya musu yaushe zai ƙare. Abin da ba sa jurewa shi ne su gane an sani an yi musu kamar ba a sani ba.

Bari in gaya miki inda na taɓa ƙonewa. A wani kamfani da na yi wa aiki, sanarwar asali cewa ta yi "ba a sa ran sauyin zai shafi guraben aiki." Ni kuma, garin son magana ta fito a miƙe, na rubuta "babu wanda zai rasa aikinsa." Shugaban ya karanta, ɗaki ya yi ajiyar zuciya, har da tafi. Bayan wata huɗu wa'adin wasu ma'aikatan kwantiragi uku ya cika ba a sabunta musu ba. Ɗayansu ya same ni a matattakala, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Amma ai a gabanmu aka ce babu." Har yau maganar nan tana raina. "Ba a sa ran" hasashe ne, "babu" alkawari ne, kuma ni na mayar da hasashen alkawari ba tare da na tambayi kowa ba. Don haka duk jimlar da ta ƙara ƙarfi a hannunki, ki yi mata alama, ki karanta wa darakta ita ita kaɗai, ki ce, "Wannan alkawari ne. Za ka iya tsayawa a kansa nan da wata shida?" In ya yi jim, ki rage mata ƙarfi zuwa daidai abin da zai iya ɗauka.

To, mu ɗauka kin shiga kin fito da waɗannan amsoshi. Shi ya kai shawarar, hukumar gudanarwa ta amince. Mutum 14 ne a sashen kula da abokan ciniki, 9 a tallace-tallace, jimilla 23. Haɗewar za ta fara ranar 1 ga Yuli. Mutum 6 ne aikinsu na yau da kullum zai canza sosai. Albashi da matsayi ba za su taɓu ba. Ba za a sallami kowa saboda haɗewar ba, amma akwai bita bayan wata shida, kuma bai san abin da za ta haifar ba. Shugaban sashe ɗaya za a samu maimakon biyu, ba a zaɓa ba tukuna, za a sanar ranar 16 ga Yuni. Damuwar da "aka nuna" kuwa, ashe raɗe-raɗin sallama ne da ya yi sati uku yana yawo, shi kuma ya yi shiru.

Kafin ki jera su, ki tsayar da maganar lamirai, domin a nan ne "mun" ɗinki ya ba ki ciwon kai. "Mu" a Hausa tana ɗaukar ma'ana biyu: mu da ku gaba ɗaya, ko mu ban da ku. Idan darakta ya ce "mun yanke shawara", mu ban da ku ce, wato shi da manyansa. Idan ya ce "za mu yi nasara", mu da ku ce. In ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba gargaɗi, mai sauraro zai ji kamar ana sa shi cikin shawarar da ba a yi da shi ba, kuma wannan yana ɓata rai fiye da "an". Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce. Hukunci, alkawari da amsa laifi, na "ni" ne. Abin da zai faru da mutane da abin da ake nema a wurinsu, na "ku" ne. "Mu" kuwa ina ajiye ta sai inda da gaske kowa a ɗakin yana ciki. Idan shugabanni ake nufi, a ambace su: "ni da hukumar gudanarwa". Ki ƙirga bayan kin gama. In "ku" ba ta fi "mu" yawa ba, jawabin game da kamfani yake, ba da ma'aikata yake magana ba.

Sai tsari. Takarda takan fara da shimfiɗa, ta bi da dalili, ta ajiye labarin a tsakiya, domin mai karatu yana iya tsallake layi ko ya koma baya. Kunne ba ya komawa baya. Kuma mutumin da aka kira taron gaggawa bayan sati uku na raɗe-raɗi, tambaya ɗaya ce a ransa: aikina yana nan? Duk abin da aka faɗa kafin a amsa masa ita, iska ce ta kwashe. Don haka labarin ya zo a jimla ta biyu ko ta uku, abin da zai same su ya biyo nan take, dalili kuma ya jira. Masu mulki sukan so su fara da dalili don su kare kansu kafin su faɗi abin da suka yi. Ki lallashe shi ya bari, domin dalilin ma sai an samu natsuwa ake jin sa.

Ga yadda zan rubuta shi:

"Abokan aiki, na gode da kuka zo. Minti biyar zan ɗauka, sannan in saurari tambayoyinku.

Daga ranar Talata, 1 ga Yuli, sashen kula da abokan ciniki da sashen tallace-tallace za su zama sashe ɗaya. Ni na kai wannan shawara, hukumar gudanarwa kuma ta amince.

Na san abin da kuke son ji, bari in fara da shi. Ba zan sallami kowa saboda wannan haɗewa ba. Ku 23 da ke sassan nan biyu, albashinku yana nan, matsayinku yana nan.

Shida daga cikinku aikinsu na kullum zai canza sosai. Na riga na zauna da kowannensu a satin da ya wuce. In ban zauna da kai ba, in ban zauna da ke ba, ba kwa cikinsu.

Me ya sa na yi haka? Yau in mutum ya sayi kaya a wurinmu ya sami matsala, ya kira ku, sai ku ce ya jira a tambayi wanda ya sayar masa. Wanda ya sayar masa yana waje wurin wani cinikin. Mutumin nan ya kira sau biyu, sau uku, kowane kira ya faro labarinsa daga farko. Ba laifinku ba ne. Tsarin da na ba ku ne ya raba ku. Ina so wanda ya ɗauki kiran ya zama yana da ikon kashe maganar.

Akwai abu biyu da ba ni da amsarsu yau. Na ɗaya, wa zai shugabanci sabon sashen. Ban zaɓa ba tukuna. Ranar Litinin, 16 ga Yuni, zan gaya muku. Na biyu, bayan wata shida zan duba yadda tsarin yake tafiya. Ban san abin da zan gani ba, don haka ba zan yi muku alkawarin abin da ban sani ba. Abin da zan iya ɗauka shi ne, duk abin da na gani, daga bakina za ku fara jin sa.

Sati uku ke nan ana raɗe-raɗin za a kori mutane. Na ji, kuma na yi shiru ina jiran hukumar ta sa hannu. Ya kamata tun lokacin in fito in ce muku ana tattaunawa. Ban yi ba, wasunku suka kwana da fargaba. Ku yi haƙuri.

Abu ɗaya nake roƙonku. Kafin ranar Juma'a, kowa a sassan nan biyu ya rubuta wa shugabar sashen ma'aikata aikin da yake yi wanda yake tsoron zai faɗi ƙasa in an haɗe. Ku kuka san shi, ni ban sani ba.

In sake maimaita ranakun: Juma'ar nan, rubutunku. 16 ga Yuni, sunan shugaba. 1 ga Yuli, mu fara. Wa ke da tambaya?"

Kin ga ya ninka sanarwar asali fiye da sau biyar a tsawo, kuma hakan daidai ne. Mutane sukan ɗauka miƙaƙƙiyar magana gajera ce. Jimlolinta ne gajeru, ita kanta takan fi tsawo, domin abin da aka ɓoye ya fito yana buƙatar wurin zama.

Bari in tsaya a kan wasu wurare a cikinsa. "Domin inganta ayyuka" ta zama labarin mutumin da ke kira sau uku. Irin waɗannan kalmomi, "ingantawa", "aiwatarwa", "bunƙasawa", "sauye-sauye", aikatau ne da aka daskarar suka zama suna, ba mai yi, ba wanda aka yi wa. Hanyar narkar da su ita ce ki tambaya: da za a ɗauki hoton wannan abu, me za a gani a ciki? Ba a ɗaukar hoton ingantawa. Ana ɗaukar hoton mutum riƙe da waya yana jira. Misali ɗaya ya isa, kuma ya zama wanda ma'aikatan suka sani da idonsu, har su gyaɗa kai kafin ya ƙarasa. Ki kuma lura da jimlar "ba laifinku ba ne". Duk lokacin da shugaba ya bayyana matsala a gaban masu aikin, ji suke su ake zargi, sai in ya cire su da bakinsa.

Jimlar nan ta mutum shida tana da sharaɗi. Ba za ta faɗu ba sai in da gaske ya zauna da su kafin Litinin. In bai zauna ba, ki gaya masa ya yi kafin taron, ko da ranar Juma'a da yamma ne, domin in ya tsaya ya ce "shida daga cikinku" bai ce su wa ba, ya jefa mutum 23 cikin zullumi maimakon 6. Haka ma shugabannin sassan biyu, waɗanda ɗayansu zai rasa kujerarsa: kada su ji wannan a bainar jama'a, a gaban waɗanda suke shugabanta. Wani lokaci gyaran jawabi yakan tona cewa akwai aikin da ba a yi ba, kuma faɗa wa darakta hakan yana cikin aikinki.

"An lura da damuwar da aka nuna" ita ce jimlar da ta fi sanyi a takardar, kuma ita ta fi wuyar juyawa. In kin ce "na ji damuwarku" kawai, ba ki yi komai ba, domin duk shugaba haka yake cewa. Sai an kira damuwar da sunanta, kora, sannan mai ita zai yarda an ji shi. Ban haƙurin kuwa, ba ke za ki ɗora masa ba. In ya yarda shirun da ya yi kuskure ne, ki rubuta, sau ɗaya, a taƙaice, ba tare da "idan akwai wanda ransa ya ɓaci" ba, domin wannan "idan" ɗin janye haƙurin take yi. In bai yarda ba, ki tsaya a "na ji, kuma ga dalilin da ya sa ban yi magana ba sai yau." Haƙurin da mutum bai yi niyya ba, muryarsa takan tona shi tun kafin ya kai ƙarshen jimla.

"Ana sa ran haɗin kan kowa" kuma, a kunnen ma'aikaci gargaɗi ce: kada wanda ya yi gardama. Na musanya ta da roƙo guda, mai rana, mai wurin kaiwa, wanda mutum zai iya tashi ya yi. A ainihin jawabin ki sa sunan shugabar sashen ma'aikatan, kada ki tsaya a muƙaminta, kuma ki tabbatar ta san za a ambace ta.

Kada kuma ki ɗauka duk "an" abokiyar gaba ce. Kin ga na bar "ana raɗe-raɗi" a cikin jawabin da gangan, domin da ya ce "kuna raɗe-raɗi" ya zama zargi. Inda mai aikatawa ƙaramin ma'aikaci ne da ya yi kuskure, "an yi kuskure wajen shigar da lissafin" sutura ce, kuma shugaban kirki yakan yi ta. Inda ba a san mai yi ba, ko saninsa ba ya ƙara komai, kamar "za a kashe wuta ƙarfe shida", ba abin gyarawa. Ma'aunin shi ne ki duba wa "an" ɗin take karewa. In mai rauni take rufa wa asiri, ki bar ta. In mai iko take ɓoyewa daga hukuncin da ya yanke, ki cire ta.

Yanzu takardar da zai riƙe. Ki buga ta da manyan haruffa, layi a buɗe, kowace jimla a nata layin, a fuska ɗaya ta takarda, shafuka da lamba. Kada jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi. Ki sa alama inda zai dakata, musamman bayan "ba zan sallami kowa ba", domin ɗakin yana buƙatar daƙiƙa biyu ko uku ya haɗiye ta, in ya zarce ba za a ji jimlar da ke biye ba. Jimloli uku ki roƙe shi ya haddace don ya faɗe su idonsa a kan mutane: ta farko, ta "ba zan sallami kowa ba", da ta ban haƙuri. Sauran ya karanta abinsa, ba aibi.

Sannan ki karanta shi da ƙarfi, a tsaye, da agogo. Duk jimlar da numfashinki ya ƙare kafin ta ƙare, ki raba ta biyu. Duk inda harshenki ya sarƙe, nasa ma zai sarƙe. Bayan haka ki nemi mutum ɗaya amintacce wanda ya halatta ya ji maganar kafin lokaci, amma bai ga takardar ba, ki karanta masa sau ɗaya tak, ki kife ta, ki tambaye shi: me zai faru, yaushe, me ake so ka yi? In ya kasa ɗaya, ba ƙwaƙwalwarsa ce da laifi ba, wurin ne bai fito ba. Daga nan sai daraktan ya karanta da kansa a gabanki. Zai canza wasu kalmomi zuwa waɗanda ya saba. Ki bar shi, muddin bai mayar da "na" ta koma "an" ba, kuma ki lura, a daidai jimlar da ta fi masa nauyi zai yi hakan ba tare da ya sani ba.

Tunda akwai maganar albashi da guraben aiki, sashen ma'aikata da lauyan kamfani su ga rubutun kafin Litinin. Abin da ke hurumin su shi ne su ce wannan ba gaskiya ba ne, ko wannan ya saɓa wa kwantiragi ko dokar ƙwadago. Za su so su mayar da komai harshen takarda, don a nan suka fi samun kwanciyar hankali. Duk jimlar da suka ƙi, ki tambaye su wace kalma ce takamaimai take da haɗari, ki gyara ita kaɗai. Ki kuma shirya rubutaccen saƙon da zai bi bayan taron a ranar, da ranaku da lambobi iri ɗaya sak da na jawabin. In jawabi ya ce "ba zan sallami kowa ba", saƙo ya zo ya ce "ba a sa ran", ma'aikata na biyun za su ɗauka, kuma za su ce an janye. Tunda kuma jawabin da tambaya ya ƙare, ki rubuta masa tambayoyi biyar mafiya zafi a shafi na dabam, ki yi masa su da bakinki ya amsa. Ta farko ba ta wuce "bayan wata shidan fa?" kuma amsarsa kada ta ɗara abin da ya faɗa a jawabin ko da taku ɗaya.

Mai yiwuwa ki kai masa ya karanta ya ce ya yi tsirara da yawa, musamman "ni na kai wannan shawara". Kada ki yi masa gardamar salo, ba za ki ci ba. Ki tambaye shi abu ɗaya: in wani ya ɗaga hannu ya ce wa ya yanke wannan hukunci, me zai amsa? In ya ce zai ce shi ne, to gara ya faɗa da kansa kafin a matso shi ya faɗa. In kuma ya ce gaskiya ba shi ba ne, daga sama aka sauko masa da ita, to jimlar ce za ta canza ta bi gaskiya: "Hukumar gudanarwa ta yanke wannan hukunci, ni kuma aka ɗora wa aiwatar da shi, kuma ni za ku riƙa tambaya." In ma har ya ƙi wannan, ya nace a bar "an yanke", ki gaya masa cikin ladabi cewa abin da yake so sanarwa ce, a liƙa ta a allo ko a tura ta a saƙo, a fasa tara mutane. Sai ki roƙe shi abu guda ko a takardar: ranaku ukun nan da adadin mutanen su shiga.